An kira ni intabiyu a Damaturu: in tambaya ko aikin na kwantiragi ne tun kafin in tafi?

Zulai: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin ranar Alhamis. Ina aikin akanta a wani kamfanin sarrafa shinkafa a nan Kano, albashina dubu 200 kafin a cire haraji da fansho, kuma an riga an tabbatar da ni. Jiya wata mata ta kira ni daga wani kamfanin da ke samo wa ma'aikatu ma'aikata, ta ce wata ƙungiyar agaji a Damaturu na neman mataimakiyar jami'in kuɗi, dubu 380 a wata, in zo intabiyu. A tallar da ta turo min an rubuta "full-time". Ban ga inda aka faɗi tsawon aikin ba. Zuwa Damaturu sai na nemi izini a wurin aiki, ga kuɗin mota, ga kwana. Ina so in tambaye ta ko na dindindin ne, ko na kwantiragi, ko na wucin gadi, amma ina tsoron kada ta ga kamar na cika zaɓe ta cire sunana. Yaya ake yi?

Baban Khalifa: Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, ni dai shawarata ki je tukuna. Mutum nawa ne ke bin wannan gurbin? Waɗannan dillalan aikin suna da sunaye jibge a gabansu, kina fara tambayoyi za ta tsallake ki ta kira na ƙasanki. Ki bari su ba ki aikin, takarda ta zo hannunki, sannan ki karanta. In bai yi miki ba ki ce kin gode. Me kika rasa?

Zulai: Yaya, abin da zan rasa shi ne kuɗin mota zuwa da dawowa, da izinin da zan nema da wani uzuri. Kuma in ogana ya ji labarin na je neman aiki wani wuri, zaman ba zai koma yadda yake ba.

Abba Dorayi: Ai sun riga sun gaya miki. Tunda an rubuta "full-time" ai na dindindin ne. Kuma ko ma na wucin gadi ne, doka ta ce duk wanda ya yi wata uku yana aiki a wuri dole a mayar da shi cikakken ma'aikaci. Kada ki damu.

Hajiya Binta: Abba, ka yi haƙuri, duka biyun ba haka suke ba, kuma irin wannan fahimtar ce ke sa mutane ajiye aikinsu su zo suna nadama.

Abin da aka rubuta a tallar yana magana ne a kan awoyin aiki: za ta riƙa zuwa kullum, daga safe zuwa yamma, Litinin zuwa Juma'a. Bai ce komai a kan yaushe aikin zai ƙare ba. Mai kwantiragin wata uku ma yana iya yin aiki cikakken yini.

Maganar wata uku kuwa, akwai ta a Dokar Ƙwadago ta Najeriya, sashe na 7, amma ba abin da ka faɗa ta ce ba. Cewa ta yi kafin a wuce wata uku da fara aiki, dole wanda ya ɗauke ka ya ba ka takarda a rubuce mai ɗauke da sunan ma'aikatar, da irin aikin, da albashi, da wa'adin sanarwa kafin rabuwa, kuma in aikin mai ƙayyadajjen lokaci ne, a rubuta ranar da zai ƙare. Wato dokar da kanta ta san da aikin da ke da ranar ƙarewa. Takarda ta wajabta, ba ta wajabta dindindin ba.

Zulai, ni aikina ke nan, a ofishin kula da ma'aikata nake, kuma muna hulɗa da irin waɗannan dillalan. Ki tambaya, yau ma. Ba ki yi laifi ba, kuma ba abin da zai sa mai hankali ta cire sunanki. Ki duba ta ɓangarenta: yawancinsu ba a biyansu sai wanda suka kawo ya karɓi aiki ya zauna, wasu yarjejeniyoyin ma in mutum ya gudu a watannin farko sai sun kawo wani a madadinsa kyauta. Babu abin da ta fi ƙi irin ta tura mutum, a yi masa intabiyu, a zaɓe shi, sannan ya ga takarda ya ce shi bai san na wata shida ba ne. Kunya ce gare ta a gaban masu ƙungiyar. Tambayarki tun yanzu taimakonta kika yi.

Abba Dorayi: To Hajiya, na karɓi gyara a kan tallar. Amma maganar wata ukun nan na ji ta daga bakin wani ɗan ƙungiyar ƙwadago, kuma ai kotu tana bin wa mutane haƙƙinsu a kan haka.

Hajiya Binta: Nan kana da ɗan gaskiya. Ƙungiyoyin ƙwadago sun daɗe suna yaƙi da riƙe mutum shekara da shekaru a matsayin na wucin gadi, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana duban ainihin yadda ake aikin, ba sunan da aka laƙaba masa kaɗai ba. Amma wannan shari'a ce, da lauya da jira. Ba abin da za a ce wa yarinya ta ajiye aikinta a kansa ba ne. Ƙari a kan haka, ita Dokar Ƙwadagon ta ware masu aikin gudanarwa da ƙwararru daga ma'anar "ma'aikaci" a cikinta, don haka ga akanta irin Zulai, abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aikinta shi ne babban abin da za ta riƙe.

Malam Isyaku: 'Yata, in aikin gwamnati ne, ki duba takardar, dole ki ga an rubuta na dindindin mai fansho. Mu a zamaninmu shekara biyu ake yi na gwaji sannan a tabbatar da mutum, sunansa ya fito a gazet. In ba ki ga haka ba to leburan rana ne suke nema, kada ki yarda. Kuma ki tambaya a wane matakin albashi za a ɗora ki.

Zulai: Baba, na gode, Allah ya ƙara girma. Ba na gwamnati ba ne, ƙungiyar agaji ce.

Malam Isyaku: Au, to. Ban san tsarinsu ba. Amma dai fanshon nan ki tambaya.

Bakura: Ni a Maiduguri nake, na yi aiki da ƙungiyoyin nan a sashen kaya da sufuri. 'Yar uwa, tun kafin ki tambaya zan iya ce miki da wuya ƙwarai ki ji na dindindin. Kuɗin ƙungiya daga masu ba da tallafi yake zuwa, kowane tallafi da ranar farawa da ranar rufewa, kuma albashinki a cikin kasafin wani tallafi guda yake. In aka rufe shi ba a samu wani ba, kujerarki ta tafi ko da kin fi kowa ƙoƙari. Kowa ya ga abin da ya faru a farkon 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje. Mutane da yawa a Arewa maso Gabas takardar dakatarwa suka samu, wasu tsakiyar kwantiraginsu ma.

Saboda haka in kika tambaye ta "na dindindin ne?" kawai, amsar ba za ta amfane ki sosai ba. Abin da ya fi muhimmanci: wata nawa ne, kuma shi shirin da za a biya ki daga cikinsa yaushe zai rufe? Kwantiragin shekara guda a shirin da ya rage masa shekara uku daban ne da kwantiragin wata shida a shirin da ke shirin naɗe tabarma. Na farko kusan kullum ana sabuntawa. Na biyu rufe littattafai aka ɗauke ki ki taya su, ana gamawa shi ke nan. Kuma mataimakin jami'in kuɗi na daga cikin waɗanda aka fi ɗauka a irin wannan lokacin, don a haɗa rasit da rahoton ƙarshe kafin masu binciken kuɗi su zo.

Sadiya: Don Allah ku bar ni in faɗi nawa, ko zai amfani wani. Ni ba ƙungiya ba ce, banki ne. Intabiyu a harabar banki aka yi min, manajan reshe ne ya yi min tambayoyi, aka ce na ci. Ban tambayi kowa komai ba don ni a tunanina banki ya ɗauke ni. Da takarda ta zo sai na ga tambarin wani kamfani da ban taɓa jin sunansa ba a samanta. Su ne iyayen gidana a hukumance, bankin aro na yake yi. Ina zaune a kanta ɗaya da wata, kuɗi ɗaya muke ƙirgawa, in an samu giɓi dukanmu ake tuhuma, amma albashinta ya ninka nawa, ita tana da bashin ma'aikata mai sauƙin ruwa, tana da ƙarin girma, tana samun kason riba a ƙarshen shekara. Ni ko ɗaya. Hatta katin shaidar da muke ratayawa launinsa daban. Ranar da aka rage ma'aikata, ba bankin ne ya sallame ni ba, saƙo kawai suka aika wa kamfanin cewa ba sa bukatata, kamfanin kuma ya ce in jira a nemo min wani wuri, ba albashi. Kuma ka san abin da ya fi min ciwo? A takardata babu ranar ƙarewa. Da wani ya tambaye ni a lokacin, cewa zan yi aikina na dindindin ne.

Hajiya Binta: Allah ya musanya miki da mafi alheri, Sadiya. Abin da kika kawo shi ne rabin da mutane ke mantawa. Zulai, ki lura, tambayoyi biyu ne mabambanta. Ɗaya: akwai ranar ƙarewa ko babu? Biyu: sunan wa zai kasance a saman takardar, wa zai sa hannu, daga asusun wa albashi zai fito? Mutum na iya zama ba shi da ranar ƙarewa amma ma'aikacin dillali ne, kamar Sadiya. Yana iya zama na shekara guda amma ƙungiyar ce ta ɗauke shi kai tsaye, da fansho da inshorar lafiya da hutu kamar kowa. Ni in aka ba ni zaɓi tsakanin waɗannan biyun, na biyun zan ɗauka.

Sai ta uku, wadda ke fallasa komai: yaya za a biya ki? In albashi ne da takardar albashi, a cire harajin albashi, a cire kashi 8 na fansho, su kuma su zuba kashi 10 kamar yadda Dokar Fansho ta 2014 ta tanada, to ma'aikaciya ce ke ko da na wata shida ne. In kuwa aka ce duk ƙarshen wata ki rubuto takardar neman biya, a cire kashi 5 na haraji a ba ki sauran, to ba ma'aikaciya suka ɗauke ki ba, ƙwararriya mai zaman kanta ce ke a takarda. Babu fansho, babu hutun shekara, ranar da ba ki zo ba babu kuɗinta, kuma inshorar rai ta rukuni da doka ta ɗora wa ma'aikatu a kan ma'aikatansu ba lallai ta haɗa da ke ba. Ga mai bin hanyar Azare da Potiskum zuwa Damaturu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Baban Khalifa: Hajiya, duk na ji, kuma gaskiya ne. Amma waɗannan tambayoyin har uku huɗu, ga wanda ba a ma gani ba tukuna? In ni ne dillalin zan ce wannan ta fiye tsirfa. Ba kowane dillali ne ke da hankalin da kike faɗa ba.

Hajiya Binta: Alhaji, ya danganta da yadda aka yi tambayar. In ta buɗe da "nawa ne alawus, kwana nawa ne hutu, akwai motar ofis?", eh, wannan ya yi wuri, a bar shi sai an yi tayi. Amma irin aikin da wanda zai ɗauke ka ba ciniki ba ne, bayanin gurbin ne, daidai yake da tambayar a wane gari ofishin yake. Ta fara da godiya, ta nuna tana so, ta ba da dalili. Misali:

"Na gode da gayyatar, kuma ina sha'awar gurbin sosai. Da yake ina kan wani aiki a Kano kuma sai na nemi izini kafin in yi tafiya, ina roƙon ki ɗan fayyace min: aikin na dindindin ne, ko na ƙayyadajjen wa'adi, ko cike gurbin wani ne na ɗan lokaci? In mai wa'adi ne, wata nawa? Kuma ƙungiyar ce za ta ba ni takardar ɗaukar aiki ko kamfaninku?"

Ta mayar da shi Turanci yadda ta saba rubutu. Kuma a rubuce, ta imel ko ta WhatsApp, ba ta waya ba. A waya za a ce mata "kada ki damu, aiki ne mai ɗorewa", gobe babu wanda zai tuna ya faɗa. Maganar yadda ake biya ta bar ta sai amsar farko ta zo.

Lawali Maraɗi: Salamu alaikum. Mu nan Nijar wannan ya ɗan fi sauƙi, don a tallar aiki ake rubuta CDD ko CDI. Na farko mai wa'adi, na biyu marar wa'adi, kowa ya san su, har wanda bai yi boko da nisa ba. In ba a rubuta ba, ita ce tambayar farko da mutum ke yi kuma ba mai jin haushi. Na yi mamaki da na ga ana jin nauyin yin ta. Amma maganar Hajiya ta sunan wa ke kan takarda, mu ma tana cinmu, musamman masu gadi da direbobi.

Zulai: Na tura mata kamar yadda Hajiya ta tsara. Ga abin da ta amsa, na kwafo: "6 months, renewable subject to funding and performance." Sai ta ƙara da cewa kada in damu, akwai yiwuwar a mayar da mutum na dindindin in ya yi ƙoƙari. Maganar wa zai ba da takarda ba ta taɓa ta ba. Kuma ba ta ji haushi ba, har ta ce tana jirana Alhamis.

Abba Dorayi: To ai shi ke nan, tunda ana sabuntawa kuma za a iya tabbatar da ke.

Bakura: Abba, wannan jimlar tana jikin kusan kowace takarda da na taɓa sa wa hannu. Ma'anarta in an samu kuɗi kuma sun ga dama. Ba alkawari ba ce. Wata shida aka yi miki alkawari, 'yar uwa, da shi za ki yi lissafi. Ita kuma maganar dindindin, ki tambaye ta cikin ladabi: a cikin waɗanda kamfaninsu ya kai wa wannan ƙungiyar, an taɓa tabbatar da wani? Wanda ke kan kujerar kafin yanzu ina ya tafi? In ta ce hutun haihuwa ta tafi, kin san mai kujera za ta dawo, kuma wannan shi ne ainihin wucin gadi ko me aka kira shi. In ta ce sabon gurbi ne, sai ki tambayi ranar rufe shirin.

Hajiya Binta: Shirun da ta yi a kan tambaya ta biyu ya fi abin da ta faɗa ɗaukar hankalina. Wataƙila mantawa ta yi, wataƙila kuma amsar ba mai daɗi ba ce. Ki sake maimaita ta ita kaɗai, ki haɗa da ta biyan kuɗi. Jimla biyu sun isa.

Nura: Kafin ta amsa bari mu buga lissafin, tunda akanta ce mai tambayar. Aikin da take kai: dubu 200 sau 12, miliyan 2 da dubu 400 a shekara. In kamfanin na zuba mata kashi 10 a kan dukan albashin, ƙarin dubu 240 ke nan a asusun fanshonta, jimla miliyan 2 da dubu 640. Sabon: dubu 380 sau 6, miliyan 2 da dubu 280. In ta hanyar cire kashi 5 ne, dubu 19 ke fita duk wata, ya rage dubu 361, sau 6 miliyan 2 da dubu 166. Daga ciki za ta kama ɗaki a Damaturu, kuma masu gida kuɗin shekara suka fi karɓa ko da wata shida za ka zauna. Ga zirga-zirgar zuwa gida. Idan ba a sabunta ba ta dawo Kano ta yi wata shida tana nema, ta yi asara a shekarar, kuma kujerarta ta kamfanin shinkafa wani ya hau. Ta saki reshe ta kama ganye.

Bakura: Lissafinka daidai ne amma ka auna gefe ɗaya da kuɗin da ba a cire wa komai ba. Dubu 200 ɗin nan ba shi ke shiga hannunta ba, ana cire dubu 16 na fansho, ana cire haraji. Kuma ka ɗauki mafi munin abin da zai iya faruwa. In aka sabunta sau ɗaya kawai, shekararta ta haura miliyan 4. Ban da haka, ƙungiyoyin nan sun fi son wanda ya taɓa aiki da wata ƙungiya, ya san yadda ake rahoton kuɗin tallafi. Shigar farkon ce mai wuya. Na san mutanen da suka shigo da wata uku, yau shekaru suna tsalle daga wannan shiri zuwa wancan ba su taɓa zaman banza mai tsawo ba. Na kuma san waɗanda suka koma gida ba su sake samu ba. Ni ban ce ta ƙi ba, cewa na yi ta shiga da idonta a buɗe.

Nura: Na yarda da gyaran fanshon da harajin. Amma "in aka sabunta" ɗin nan shi ne abin da babu wanda ya sani a cikinmu, har ita dillaliyar.

Sadiya: Anti Binta, tambaya a gefe. Shi na dindindin ɗin a kamfani mai zaman kansa, wai da gaske dindindin ne? Don na ga waɗanda bankin ya ɗauka kai tsaye ma an kore su da albashin wata ɗaya.

Hajiya Binta: A kamfani mai zaman kansa ma'anarsa kawai ba a sa ranar ƙarewa ba. Kowane ɓangare na iya rabuwa da ɗaya in ya ba da sanarwar da aka rubuta a takarda, sau da yawa wata guda, ko a biya kuɗin watan a madadinta. Mafi ƙarancin da Dokar Ƙwadago ta sa a sashe na 11 ma bai kai haka ba ga sabon shiga: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata guda daga shekara biyar. Bambancin shi ne, mai dindindin sai an ɗauki mataki an sallame shi, an rubuta takarda, an biya shi haƙƙoƙinsa, kuma in an zalunce shi yana da abin kai wa kotu. Mai wa'adi kuwa ba sai kowa ya yi komai ba, ranar na zuwa aikin ya mutu da kansa. Sannan ko an ce maka na dindindin ne, ka tambayi lokacin gwaji, wata uku ne ko shida, don kafin a ba ka takardar tabbatarwa sanarwar rabuwa gajeriya ce ƙwarai.

Malam Isyaku: Wannan kamfanin da ya kira ki, 'yata, kin tabbatar da shi kuwa? Kada a ce ki turo kuɗin fom.

Hajiya Binta: Baba ya kawo magana mai kyau. Duk wanda ya nemi kuɗi kafin intabiyu a rabu da shi. Kamfanonin nan Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke ba su lasisi, kuma in har su ne za su riƙe takardarki da albashinki, kina da damar tambayar ko suna da shi.

Zulai: Ba ta nemi ko kwabo ba, Baba. Ta sake amsawa yanzu. Kamfaninsu ne zai ba ni takarda, ba ƙungiyar ba. Amma ta ce albashi ne da takardar albashi, za su cire haraji, za su zuba fansho a asusun da nake da shi, in kawo lambata. Inshorar lafiya ni kaɗai, ban da iyali. Gurbin sabo ne, ba na mai hutun haihuwa ba. Ranar rufe shirin ta ce ba ta sani ba, sai dai in tambayi masu intabiyun da kaina.

Baban Khalifa: To alhamdu lillahi ba ta cire ki ba. Amma ni har yanzu ina ganin kin yi dace da mai kirki ne, akwai waɗanda daga tambaya ta biyu ba za su ƙara ɗaga wayarki ba.

Sadiya: Yaya, wanda zai daina ɗaga waya saboda an tambaye shi wa zai biya albashi, yaya zai yi ranar da albashin ya makara?

Hajiya Binta: Yanzu dai kin san abin da ake tallatawa: wata shida, a hannun dillali, amma a matsayin ma'aikaciya mai fansho. Ya fi abin da na yi tsoro, bai kai abin da tallar ta sa mutum ya zata ba. Abu ɗaya ki riƙe: cire fansho daban, zuba shi daban. In kin shiga, ki riƙa duba saƙon kamfanin fanshonki, don wasu dillalan suna cirewa a takarda kuɗin bai isa asusu ba. Kuma duk abin da ta rubuto miki yau ki adana shi, ki gwada shi da takardar in ta zo, layi bayan layi, kafin ki rubuta takardar ajiye aiki a Kano.

Bakura: Tunda abu ɗaya ya rage kuma a bakin masu ƙungiyar yake, ki roƙi a yi zagayen farko ta bidiyo. Ƙungiyoyi sun saba da haka ga wanda ke wata jiha. A ƙarshe in suka ce kina da tambaya, ki ce wane shiri ne ke biyan wannan gurbin kuma zuwa yaushe aka amince da kasafinsa. Shugaban sashen kuɗi ya san ranar a ka. In ya ce shirin na da sauran shekara biyu, ni zan ce ki tafi. In ya fara kewaye-kewaye, ki ɗauka wata shidan ne ke nan.

Nura: Ni ko shekara biyun ya ce, da dillali a tsakiya, ba zan bar aikin da aka tabbatar da ni ba. Amma ra'ayina ne.

Zulai: Na roƙa a yi ta bidiyo, ta ce za ta tambaye su ta sanar da ni gobe da safe. In sun ƙi, ban yanke shawarar ko zan hau motar ba tukuna, sai na yi magana da mahaifina. Malam Bakura, in ba damuwa, nawa ake kama ɗaki ɗaya mai banɗaki a Damaturu yanzu, kuma ana samun masu karɓar kuɗin wata shida?